Da hannu ko da manhaja: wace hanya za ka bi ka mayar da manazartarka tsarin APA?

Ƙanwata ta shigo gida da la'asar sakaliya, kundinta a hannu, fuska a murtuke. Tana ajin ƙarshe a fannin ilimi a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan na Sakkwato, aikinta kuma a kan 'Yan Taru ne, tsarin karantar da mata da Nana Asma'u ta kafa. Malamin da ke duba aikin ya yarda da babi biyar ɗin duka, amma da ya kai shafukan manazarta sai ya ja jan biro daga sama har ƙasa, ya rubuta abu ɗaya: a mayar da su APA bugu na 7. Saura kwana tara a miƙa aiki.

"Yaya, wanga aiki ya ishe ni," in ji ta. "Wata ta ce in sa Zotero, wani ya ce Word na yi da kanshi, mai shago ya ce in kawo ya gyara min. Wanne za ni bi?"

Na karɓa na duba. Manazarta 52 ne, kowanne da irin kamarsa. Wani ya fara da sunan yanka, wani da sunan mahaifi. Wani shekara na gaba, wani tana can ƙarshe. Wasu an kwafo su daga bayan kundin wani ɗalibi, wasu daga waya. Abin da na gaya mata shi ne ba a zaɓar hanya kafin a san irin kayan da za a ɗauka. Dukkan hanyoyin nan, daga hannu har manhaja, jera bayani kawai suke yi. In shekarar bugu ba ta wurinka, ko ba ka san shafukan da maƙala ta fara ta ƙare ba, babu wadda za ta ƙirƙiro maka su. Saboda haka aikin daren farko ba na tsari ba ne, na tantancewa ne.

Mun buɗe kundin a kwamfuta, muka bi shi da `Ctrl+F` muna neman `(19` da `(20`, sannan `, 19` da `, 20`, don mu kamo duk inda ta dogara da wani a cikin rubutu. Duk sunan da ya fito sai ta yi masa alama a takardar manazarta da muka buga. Ƙa'idar APA a nan, in ban da hira, ba ta da kwana: duk wanda aka ambata a cikin rubutu dole ya fito a manazarta, duk wanda yake a manazarta kuma dole an ambace shi a cikin rubutu. Da muka gama, 6 ba ta ambace su ko'ina ba, ta karanta su ne kawai, muka cire. Wasu 3 maimai ne, littafi ɗaya ya shigo sau biyu da sunan marubuci iri biyu. Akwai 4 da ta ambata amma ba su cikin jerin, muka ƙara. Sai hira 2 da ta yi da wasu dattijan mata, su ma muka fitar, zan faɗi dalili nan gaba. Aka tashi da 45.

Sannan muka kasa su. Maƙalun mujallu 16, littattafai 13, kundayen digiri 8, shafukan intanet da rahotannin hukuma 4, rubutun hannu da ƙananan littattafan kasuwa 4. Tambayar da ke raba gardama ita ce: nawa ne a ciki suke da lambar da kwamfuta za ta iya nemo su da ita? Lambobin biyu ne, DOI na maƙalun mujallu da ISBN na littattafai. A cikin maƙalu 16, guda 11 ne ke da DOI, sauran 5 na mujallun sassa da tsangayoyi ne na gida waɗanda takarda kawai aka buga. A cikin littattafai 13, guda 9 ne ke da ISBN. Wasu daga cikin sauran sun girmi tsarin ne, domin sai wajajen 1970 ya kankama. Ke nan 20 ne kawai manhaja za ta iya ɗaukowa da kanta. Ragowar 25, ko wace hanya aka bi, sai mutum ya zauna ya buga su da yatsunsa. Wanda ke karatun likitanci ko kimiyyar haɗa magunguna zai iya tarar da kusan dukkan nasa na da DOI, lissafinsa daban ne. Amma mai aiki a kan tarihin Daular Usmaniyya, ko adabin Hausa, ko makarantun allo, yawanci irin kason ƙanwata zai samu.

Bari in fara da hanyar hannu, don ita ce ma'aunin da za a gwada sauran da shi, kuma wanda bai iya ta ba ba zai gane lokacin da manhaja ta yi masa ɓarna ba. Kowane shigarwa a APA amsar tambaya huɗu ce a jere: wa ya rubuta, yaushe, me ake kiran aikin, a ina ake samunsa. Ga yadda ɗaya daga cikin nata yake kafin gyara:

```
Jean Boyd, The Caliph's Sister, London, Frank Cass 1989
```

Ga shi bayan gyara:

```
Boyd, J. (1989). The caliph's sister: Nana Asma'u, 1793–1865, teacher, poet and Islamic leader. Frank Cass.
```

Abubuwa huɗu suka canja. Sunan ƙarshe ya dawo gaba, na farko ya koma harafi ɗaya da aya. Shekara ta shiga baka biyu. An ɗauko cikakken take daga jikin littafin, aka mayar da shi ƙananan baƙaƙe in ban da kalmar farko, da kalmar da ke bin ruwa biyu, da sunayen mutane ko wurare ko addini, kuma a cikin kundin za a sa taken duka cikin rubutun tsutsa. Na huɗu, garin da aka buga littafin ya fita, domin bugu na 7, wanda ya fito a ƙarshen 2019, ya daina neman sa. Maƙalar mujalla kuwa ta juya al'amarin: taken maƙalar ba ya shiga rubutun tsutsa, sunan mujallar da lambar juzu'i su ne ke shiga, kuma sunan mujallar yana riƙe manyan baƙaƙensa.

```
Boyd, J., & Last, M. (1985). The role of women as "agents religieux" in Sokoto. Canadian Journal of African Studies, 19(2), 283–300.
```

A nan 19 ce ke cikin rubutun tsutsa, 2 da ke cikin baka ba ta shiga, kuma babu tazara tsakaninsu. In maƙalar na da DOI sai ya biyo a ƙarshe, ya fara da `https://doi.org/`, ba a sa masa aya a baya.

In ka rubuta samfuri ɗaya na kowane kaso a saman takarda, littafi, maƙala, babi cikin littafi, kundi, shafin intanet, sai ka riƙa bin kaso ɗaya har ya ƙare kafin ka shiga wani, hannu yana sabawa da wuri. A gwajina, in bayanin ya cika, shigarwa ɗaya ba ta wuce minti biyar. Guda 45 ke nan ba su kai awa huɗu ba. Ba ta cin data, ba ruwanta da ƙarfin sabis, in an ɗauke wuta ma ana iya ci gaba a takarda. Aibinta biyu ne. Na farko gajiya: wajajen na talatin ido ya fara tsallake waƙafi, ka tarar ka rubuta `and` a wani wuri, `&` a wani. Na biyu shi ne babba, ba ta da gobe. In mai dubawa ya sake shawara ya ce a koma wani tsari, ko ka ciro maƙala daga kundin za ka aika wa mujallar da ke son tsarin Chicago, daga farko za ka sake.

Hanya ta biyu ita ce wadda ɗalibai suka fi bi a ɓoye: maɓallin `Cite` na Google Scholar. Ka buga taken aiki, ka danna, ya ba ka shi a tsari biyar, APA na ciki, ka kwafa. Tana da sauri ƙwarai, a waya ma tana yi. Sai dai Scholar ba ya tantance bayanin da yake bayarwa, tsintowa yake daga inda ya gani. Na sha ganin ya ba da shekarar sake bugu a madadin ta asali, ko ya bar take da manyan baƙaƙe duka, ko ya yanke shafuka, kuma ba ya sa DOI a abin da yake bayarwa. In ka liƙa daga waya, rubutun tsutsar ma yakan ɓace. Ni ina ɗaukarsa abokin bincike, wurin neman lambar juzu'i ko shafin da ya ɓace maka, amma abin da ya bayar sai an gwada shi da shafin farko na maƙalar kanta kafin ya shiga kundi.

Ta uku ita ce ta cikin Word, ƙarƙashin `References`. Ka shiga `Manage Sources`, ka cike fom ga kowane aiki, sannan `Bibliography` ya jera maka su. Ba ta buƙatar intanet, ba sai ka sauke komai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana tafiya. Amma kafin ka ɓata dare a kanta, danna akwatin `Style` ka karanta abin da ke gefen APA. A kwamfutocin ɗalibai da na taɓa dubawa, masu Word 2013 da 2016 da 2019, abin da ke wurin shi ne `Sixth Edition`, wato bugu na 6. Za ka gane aikinsa daga nesa: gari da ruwa biyu kafin sunan maɗaba'a, da `Retrieved from` kafin adireshin intanet. In sashenku har yanzu bugu na 6 yake bi, kuma akwai masu bin sa, to wannan hanyar ta dace da kai. In na 7 aka ce, za ka cike fom 45 da hannu, sannan ka dawo ka gyara abin da ya fito da hannu. Aiki biyu ke nan a kan ladan ɗaya. Ga ƙanwata tun a nan muka ajiye ta.

Wannan ya kawo maganar da ya kamata a yi tun farko: je ka tambayi mai duba aikinka, ko ka nemi takardar ƙa'idojin rubuta kundi ta sashe ko ta makarantar gaba da digirin farko. Sau da yawa abin da sashe ke kira APA yana da 'yan gyare-gyaren gida, kamar raba manazarta kashi-kashi, littattafai daban, mujallu daban, ko barin sunan gari. APA ta asali jeri ɗaya take so daga A zuwa Z. Amma wanda zai sa hannu a kundinka shi ne a gabanka, ba mawallafan littafin ƙa'idar da ke Amurka ba. Abin da ba ya karɓuwa a ko'ina shi ne cakuɗa: rabi da gari, rabi babu.

Ta huɗu ita ce manhajar adana manazarta, kuma a nan zan daɗe, don ita ce aka fi yaba wa kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Biyu aka fi ji, Zotero da Mendeley. Zotero kyauta ce, ta fito a 2006 daga Jami'ar George Mason, tana zama a cikin kwamfutarka, tana aiki ko babu intanet in dai bayanan sun riga sun shiga. Mendeley ta kamfanin Elsevier ce tun 2013, kuma tsohuwar da yayyenmu suka saba da ita, Mendeley Desktop, an daina ba da ita ga masu sauke sabuwa tun Satumbar 2022, wadda ta gaje ta kuma ta fi jingina da asusu da intanet. Don yanayinmu ni Zotero nake nuna wa mutane.

Abin da ba a gaya wa ɗalibai shi ne Zotero ba ta karanta jerin manazarta da aka riga aka buga a Word. Ba za ka liƙa mata shafuka huɗu ta warware maka su ba. Hanyar da ke aiki ita ce ka fara samo lambobin. Crossref, ƙungiyar da ke rajistar mafi yawan DOI na mujallu, tana da shafi mai suna `Simple Text Query`. Ka liƙa jerinka a ciki yadda yake, ta maido maka da shi tare da DOI na duk wanda ta gane. Da shi muka tabbatar da guda 11 ɗin nan. Sai dai a duba kowanne, domin takan haɗa ka da wani aiki mai kama da naka, musamman sharhin da wani ya yi wa littafi mai take iri ɗaya. Daga nan ka koma Zotero, ka danna alamar sanda mai suna `Add Item(s) by Identifier`, ka liƙa lambobin, ta ɗauko marubuta da shekara da juzu'i da shafuka. ISBN ma haka, sai dai shi ya fi yawan tangarɗa: wani lokaci ya kawo wani bugun daban da wanda ke hannunka, littattafan da aka buga a Zariya ko Kano ko nan Sakkwato kuwa sau da yawa ba ya samo su sam.

Ko waɗanda suka shigo lafiya akwai sauran aiki. Zotero ba ta mayar da take ƙananan baƙaƙe da kanta lokacin fitar da APA, don ba ta san wace kalma ce sunan wuri ba. Kai za ka danna dama a kan taken ka zaɓi `Sentence case`, sannan ka bi ka ɗaga harafin farko na Sokoto da Asma'u da Islam da ta kwantar. In ka gama, ka zaɓi duka, ka danna `Create Bibliography from Items`, ka zaɓi APA bugu na 7, ka liƙa a Word. Ribar tana zuwa ne daga baya. Mai digiri na biyu ko na uku da zai shekara biyu ko huɗu yana ƙara babi, yana cire wani, manazartarsa ta haura ɗari da hamsin, shi ne zai ci moriyarta, musamman in yana sa madogara a cikin rubutu ta maɓallin Zotero na cikin Word, yadda jerin ƙarshe ke gyara kansa. Gargaɗi ɗaya gare shi: kafin ya kai fayil shago ko ya tura wa wanda zai buɗe a waya, ya yi kwafi, ya danna `Unlink Citations` a kan kwafin, ya ajiye na asalin a wurinsa. In ya yi haka a kan na asalin, alaƙar ta yanke ke nan.

Ga wanda ba ya son sauke komai akwai ƙanwar Zotero, ZoteroBib, a `zbib.org`. A cikin burauza take aiki, ba ta neman asusu, ka ba ta DOI ko ISBN ta ba ka shigarwa. Tana buƙatar intanet, kuma jerin yana zama ne a burauzar da ka yi aikin, saboda haka kada ka yi a kwamfutar shago ka tafi ka ce gobe ka dawo.

Yanzu ga inda kowace manhaja ke durƙusawa, kuma inda aikin ɗan Sakkwato ya bambanta da na wanda aka rubuta ƙa'idar dominsa: sunaye. APA ta ɗauka kowa na da sunan iyali a ƙarshe. Mu kuwa sunan ƙarshe kan zama na mahaifi, ko na gari, ko sarauta. Wanda ya sa sunan gari a ƙarshe, kamar Shehu Shagari, ba shi da wuya, ana bin abin da ya rubuta a bangon aikinsa, `Shagari, S.` Matsala tana wurin laƙabi. Alhaji, Malam, Dakta, Farfesa, Waziri, duk ba sa shiga. A jerin ƙanwata na tarar da `Junaidu, W.`, wato an mayar da sarautar Waziri Junaidu sunan yanka. Manhaja haka za ta yi duk lokacin da ta ga kalma biyu. A Zotero maganin shi ne a danna ɗan maɓallin da ke gefen sunan a mayar da shi fili ɗaya, a rubuta sunan yadda ake so ya fito. Haka ma sunan hukuma ko ma'aikata, in ba haka ba ta yanka shi ta mayar da kalmar ƙarshe sunan iyali.

Na Shehu Usmanu ya fi kowanne rikici. A wani bugun ɗan Fodiyo, a wani dan Fodio, a na Larabci Ibn Fudi. Biyu daga cikin maimai ukun da muka cire daga nan suka fito, aiki ɗaya yana zaune a ƙarƙashin D, yana kuma zaune a ƙarƙashin F. Abin da nake yi shi ne in bi yadda sunan yake a bugun da aka yi amfani da shi, in tabbatar abin da ke cikin rubutu ya yi daidai da abin da ke manazarta harafi da harafi, don mai karatu ya same shi inda ya nema. In mai dubawa ya fi son siga ɗaya a ko'ina, sai a bi shi, amma a bi shi har ƙarshe.

Sai ayyukan da aka rubuta tun zamanin jihadi aka buga daga baya. Ƙanwata ta dogara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta rubuta 1951 kawai, sai ka ce a lokacin ya rubuta, alhali ya rasu tun 1837. APA na son shekarun biyu:

```
Bello, M. (1951). Infaku'l maisuri [fassarar taken] (C. E. J. Whitting, Ed.). Luzac. (Original work published 1812)
```

A cikin rubutu kuma ya zama `(Bello, 1812/1951)`. Taken da ba da harshen kundin yake ba ana barin sa yadda yake, a sa fassararsa cikin baka mai kusurwa, in kuma da haruffan Larabci yake a fara mayar da shi na boko. Zotero na iya fitar da shekara biyun, amma sai ka rubuta mata `Original Date: 1812` a filin `Extra`. Scholar kuwa ba ya ko kusantar wannan.

Kundayen digiri 8 ɗin duk waɗanda ta karanta ne a ɗakin karatu, ba su kan intanet. Samfurinsu ɗaya ne, kuma da hannu ya fi sauri:

```
Suna, A. B. (shekara). Taken kundi [Unpublished master's thesis]. Usmanu Danfodiyo University, Sokoto.
```

Rubutun hannu da ta gani a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu shi ma haka, babu lambar da za ta kira shi. Ana rubuta marubuci, shekara in an sani, in ba a sani ba `n.d.`, take ko bayanin abin cikin baka mai kusurwa, lambar da ma'ajiyar ta ba shi, da sunan ma'ajiyar da garin. In ba ka kwafo lambar ba ranar da ka je, sai ka sake hawa mashin. Ita sai da ta koma. Ƙananan littattafan kasuwa kuwa, waɗanda ba shekara a jikinsu, kada a yi musu ƙiyasi don a cike gurbi, `n.d.` ɗin ita ce gaskiya.

Hirarrakin da muka cire: a APA abin da mai karatu ba zai iya zuwa ya samo ba ba ya shiga manazarta. In zance ne da wani masani, a cikin rubutu kawai ake ambatarsa, da suna da ranar da aka yi. In kuwa mutanen da aka yi binciken a kansu ne, kamar dattijan nan biyu, maganarsu sakamakon bincike ce, wurinta babi na huɗu, bayaninsu kuma babin hanyar bincike. Sassa da dama a nan suna son jerin waɗanda aka yi hira da su a shafi na dabam, don girmama masu ba da tarihin baka. Ta tambaya, aka ce ta sa a rataye.

Mai shagon buga takardu fa? Ba na raina su, akwai waɗanda suka fi malamai da yawa sanin Word. Amma littattafan ba su gabansa. Zai iya daidaita maka fasali, ba zai san cewa shafukan maƙala sun ɓace ba, wani kuma in ya ga gurbi sai ya cike da abin da ya ga dama don shafi ya yi kyau. Fasalin da za ka biya kuɗi a kansa kuwa minti biyu ne: ka zaɓi jerin duka, ka danna `Ctrl+T`, layi na biyu na kowace shigarwa ya shiga ciki da rabin inci, wato santimita 1.27, ka sa tazarar layi biyu in sashe bai ce wani abu ba, ka danna `Sort` a ƙarƙashin `Home`. Sharaɗin kawai kada a kasance an danna `Enter` a tsakiyar shigarwa, in an yi haka jerin zai wargaje, rabin shigarwa ya tafi wani wuri.

Bayan `Sort` ma sai ido ya bi. Sunayen da suka fara da Ɓ da Ɗ da Ƙ ka duba inda suka faɗa. Ka duba marubucin da ya fito fiye da sau ɗaya: aikin da ya yi shi kaɗai ke fara zuwa ko da ya fi sabunta, saboda haka Boyd ta 1989 tana gaban Boyd da Last ta 1985, ita kuma tana gaban Boyd da Mack ta 1997, domin L ta riga M. Littafin da su biyun suka fitar a 2000 kuwa Mack ce a gaba a bangonsa, don haka ƙarƙashin M zai zauna. Ƙanwata ta juya sunayen don su yi jere, muka mayar. Ba a taɓa jerin marubuta. In mutum ɗaya na da aiki biyu a shekara ɗaya, sai a sa musu a da b bisa jerin haruffan takensu, a koma cikin rubutu a sa haka nan.

Da na auna mata, ga yadda na ga zaɓin. Mai kundin digirin farko ko na NCE, manazarta ba su wuce arba'in zuwa hamsin ba, yawancinsu na gida, lokaci ya ƙure, ya yi da hannu, ya nemi ZoteroBib ko Crossref su taimaka masa a kan masu lamba. Koyon Zotero a kwana tara don shigarwa 20 bai biya ba. Wanda ke farkon digiri na biyu ko na uku, ko wanda fanninsa mujallun waje ne zalla, ya sauke Zotero tun yau, ya haƙura ya buga na gidan a cikinta sau ɗaya. Word sai in bugu na 6 ake so. Scholar na neman abin da ya ɓace ne, shago na bugawa da ɗinki.

Ƙanwata hanyar hannu ta bi. Dare ɗaya muka gwada guda 20 ɗin ta ZoteroBib, a ciki 7 sai da muka gyara manyan baƙaƙe, littattafai 3 ba su samu ba suka koma kason hannu, ɗaya kuma ya zo da shekarar wani bugu. Kwana biyu ta yi a kan sauran, har da komawa ɗakin karatu neman shafukan maƙalu biyu na mujallun gida. Da ta mayar, malamin ya kama abu ɗaya da ni ma ya wuce ni: a babi na biyu ta jero sunayen marubuta huɗu duka a cikin rubutu, yadda bugu na 6 ke so a ambaton farko. A bugu na 7, daga marubuta uku zuwa sama, sunan na farko ne kawai sai `et al.` tun daga ambaton farko. Wuri biyar ne, ta gyara a wayarta tana tsaye a bakin ofishinsa.